Motar haibirid: yadda take sauyawa tsakanin injin fetur da batir

Motar haibirid ita ce wadda take ɗauke da injin fetur da kuma injin lantarki mai aiki da babban batir, kuma na'urar da ke cikinta ce take zaɓar wanda zai ja motar a kowane lokaci. Mutane da yawa suna zaton sai batirin ya ƙare sannan a koma kan fetur, alhali kuwa sauyawar tana faruwa sau da dama a cikin tafiya ɗaya, wani lokacin ma dukansu biyun ne suke ja tare.

Toyota Prius ƙirar 2004 zuwa 2009 ta isa misali. Babban batirinta yana da ƙarfin bolt 201.6, amma wutar da yake riƙewa kaɗan ce, ba ta kai motar fiye da kilomita ɗaya ko biyu ita kaɗai, domin na'urar ba ta barin cajin ya sauka ƙasa da kusan kashi 40 cikin ɗari ko ya haura kashi 80. Batirin kamar asusu yake: ana jefa masa rara, ana ciro ta idan buƙata ta taso. Ba a jona shi da wutar gida. Daga injin da kuma birki yake samun caji.

A ce direba ya tashi daga unguwar Birni a Damagaram da safe zai tafi garin Mirya. Da ya danna maɓalli sai kalmar READY ta bayyana, kuma bayan 'yan daƙiƙoƙi injin fetur zai tashi da kansa don ya ɗumama, sannan ya mutu. A cikin cunkoson gari, inda ake bin bayan 'yan kabu-kabu a hankali, babba daga cikin injinan lantarki biyu na motar ne yake juya tayoyi, saboda injin fetur yana ɓarnar mai sosai a irin wannan tafiyar. Da ya hau kwalta ya ƙara taka totur, sai ƙaramin injin lantarki, wanda shi ne a madadin sitata, ya tayar da injin fetur cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Daga nan wani giya na musamman yana raba ƙarfin injin gida biyu, wani kaso ya tafi tayoyi, wani ya juya ƙaramin injin lantarkin ya samar da wuta. Idan gudu ya wuce kusan kilomita 67 a awa, injin fetur ba ya daina juyawa a wannan ƙirar, ko da an ɗage ƙafa an yanke masa mai. Idan kuwa za a wuce babbar mota aka taka totur sosai, batir yakan ƙara nasa ƙarfin a kan na injin.

Wajen rage gudu ne ake mayar da abin da aka ci. Da an taka birki a hankali, babban injin lantarki yana komawa janareta, yana riƙe motar yana tura wuta cikin batir, kuma sai gudu ya sauko kusan kilomita 10 a awa sannan birki na asali ya karɓi aikin gaba ɗaya. Shi ya sa mai taka birki tun daga nesa ya fi mai taka shi farat ɗaya ribar mai.

A ganina, abin da ya fi shafar mai irin wannan mota a Damagaram shi ne zafi da ƙura. A watan Afirilu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40, na'urar sanyaya mota tana jan wuta daga babban batir, don haka injin yakan tashi ko ana tsaye, kuma wannan ba lalacewa ba ce. Sai dai wanda ya bar giya a N yana jira, batirinsa ba zai sami caji ba. P ce ta dace. Batirin kuma yana shan iska ne ta wata kafa da ke gefen kujerar baya, wadda ƙurar hunturu ko kayan da aka jingina suke toshewa. Idan ya yi zafi, na'urar da ke sarrafa motar tana rage amfani da shi, sai a ji injin ya ƙi mutuwa, fankar baya tana ƙara, shan mai ya ƙaru.

Batirin da ya tsufa kuwa alamarsa daban ce: layukan caji da ke kan allo suna cika su zube cikin 'yan mintuna, kuma idan makaniki ya jona na'urar bincike yakan ga lambar P0A80. Motar da ta ƙi nuna READY gaba ɗaya, a fara duba ƙaramin batirinta mai bolt 12 kafin a zargi babban, kuma kada wanda bai ƙware ba ya taɓa wayoyin nan masu ruwan lemo, domin wutar da ke cikinsu tana iya kisa.