Dawo da kaya shago: abin da dokar kare masu sayayya ta ce, da abin da ake jingina mata

Magana tana ta yawo tsakanin 'yan kasuwa a Sakkwato, musamman masu sayar da kayan wuta a Babbar Kasuwa da shagunan titin Emir Yahaya, wai akwai dokar da ta ce duk wanda ya sayi kaya yana da wata uku ya dawo da su ya karɓi kuɗinsa ko da dalili ko babu, wai kuma mai shagon da ya ƙi, shekara biyar ce a gidan yari. Dokar akwai ta, wata ukun ma akwai, shekara biyar ɗin ma tana ciki. Sai dai an tsinto su ne daga wurare daban-daban aka ɗinke wuri guda.

Dokar ita ce ta gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu sayayya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a farkon 2019, hukumar tarayya mai kula da gasar kasuwanci da kare masu sayayya, wato FCCPC, ce kuma ke aiwatar da ita. Ta shafi mai ƙera kaya, da mai shigo da su, da dila, da mai shago, babba ko ƙarami.

Wata ukun nan yana sashe na 132 ne, kuma bai zo shi kaɗai ba. Sashe na 131 ya fara cewa mai saye yana da haƙƙin samun kaya masu inganci, marasa aibi, masu yin aikin da aka san su da shi, masu kuma ɗan ƙarko daidai misali. Idan kayan suka gaza a nan, to a cikin wata uku daga ranar da aka miƙa su, mai saye zai iya dawo da su ba tare da an cire masa komai ba, mai shago kuma ya gyara, ko ya musanya, ko ya mayar da kuɗi. Wato aibi ne sharaɗi. Wanda ya je gida uwargida ta ce launin bai yi mata ba, ko ya ga irinsa da araha a wani layi, wannan sashe bai ba shi komai ba. In mai shago ya karɓa, mutunci ya yi. Sashe na 122 ya ƙara wasu hanyoyi biyu: idan mai saye ya faɗi aikin da zai yi da kayan tun wurin ciniki sannan suka kasa, ko kuma an aiko masa da kaya bai gani ba sai suka saɓa wa abin da aka siffanta masa. Rubutun nan na ƙasan rasit kuwa, cewa kayan da aka saya ba a dawowa da su, ba ya kare kowa idan aibi ya bayyana, domin doka ba ta yarda sharaɗin ciniki ya soke haƙƙin da ta bayar ba.

Tunda aibi ne ke yanke magana, binciken kayan da aka dawo da su shi ne ainihin aikin. Mu ɗauka mutum ya sayi fanka mai caji a kan naira 60,000 a tsakiyar zafin Afrilu, bayan mako uku ya dawo da ita yana cewa ba ta riƙe caji. Abu na farko a haɗa rasit da lambar da ke jikin fankar da wadda ke kan kwali, a tabbatar daga shagon ta fito. Sannan a duba ta a gabansa, ba bayan ya tafi ba: shin an kwance sukurorinta, akwai ƙaurin ƙonewa a wurin caji, robar ta tsage alamar faɗuwa, batirin ya kumbura? In ba a ga komai ba, a rubuta masa takarda cewa an karɓa don gwaji, da kwanan wata da yanayin da ta zo. A cika ta da caji, a bar ta ta huta, a auna batirin da mita. Batirin dalmar nan mai bolt 12, in lafiyarsa lau, yakan nuna wajen 12.6 ko sama kaɗan. Amma awon mita kaɗai yana ruɗarwa, domin mataccen batiri ma yakan nuna lamba mai kyau har sai an ɗora masa aiki. Don haka a kunna fankar a duba agogo. Idan kwali ya yi alkawarin awanni da dama ita kuma ta mutu cikin minti arba'in, babu alamar ƙonewa ko taɓawa, aibi ne, kuma a kan mai shago yake. Idan kuwa wurin cajin ya ƙone ƙurmus saboda an haɗa ta da faifan sola da ya fi ƙarfinta, wannan ɓarnar mai amfani ce.

To, an ba shi sabuwa, an sa wa tasa sabon batiri na naira 9,000 misali, ta koma aiki daram. A nan ne masu shago ke faɗawa rami, kuma abin mamaki ba shi ake jita-jita a kai ba. Yaron shago zai goge ta, ya mayar cikin kwali, ya manna salatif, ya ɗora a kan kantar shago tare da sababbi. Sashe na 117 ya ce duk kayan da aka yi amfani da su, ko na hannu, ko waɗanda aka gyara ko aka sake haɗawa, dole a manna musu sanarwa a fili mai faɗin hakan. Faɗa da baki ga wanda ya tambaya bai wadatar ba. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, ɓoye aibi algus ne tun kafin a yi majalisa, kuma a ganina wannan shi ne sashen da ya fi kowanne adalci a dokar.

Doka ba ta tsara yadda za a kasa kayan da aka dawo da su aji-aji ba, amma shagon da ke son zama lafiya yakan raba su uku. Wanda ya dawo a rufe da hatimin kamfani ya koma cikin sababbi. Wanda aka yi amfani da shi ko aka gyara, kamar fankar nan, ya tafi gefe guda da takarda a jikinsa: an dawo da ita, an canza batiri, naira 48,000. Wanda bai gyaru ba, ko yake da haɗari kamar kumburarren batiri, a rubuta masa alama a ajiye shi nesa da kantar shago har a mayar wa dila.

Sai batun hukunci, wanda ya fi tayar da hankali. Sashe na 155 ya ce mutumin da aka samu da laifin take haƙƙin mai saye zai iya fuskantar ɗaurin da bai wuce shekara biyar ba, ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 10 ba, ko duka biyun. A lura da kalmar "bai wuce" ɗin: iyaka ce, ba farashi ba. Kuma kotu ce ke yankewa bayan an tabbatar da laifi, babu jami'in da zai tsaya ƙofar shago ya ci mutum wannan tara don an yi saɓani kan fanka. Yawanci mai saye yakan fara da mai shago ne, in abin ya ci tura ya kai koke hukumar ko kotu. Ga kamfani mai rajista abin ya fi tsauri, domin tarar ba ta gaza naira miliyan 100 ko kashi 10 cikin ɗari na cinikin shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa, kuma daraktoci ma ana iya tuhumarsu. Wannan mafi ƙarancin tara na miliyan 100 ya yi nauyi ga ƙaramin kamfani na iyali, ba na jin an tuna da irinsu lokacin rubuta shi.

Inda na fi tausaya wa ɗan kasuwar Sakkwato shi ne tsakaninsa da dila. Mai saye a wurinsa zai tsaya, shi kuwa kayan daga Legas ko Kano ya saro su, sau da yawa babu wata takarda sai saƙon waya. Mafita ita ce tun ranar sari a rubuta a takardar kaya cewa duk wanda ya fito da aibin kamfani za a musanya shi cikin wata uku, a kuma riƙa ajiye lambobin kayan da kwalayensu, domin dila ba ya karɓar fanka babu kwali.