Majinyacin da ya ƙi magana: me ɗalibar jinya za ta rubuta?

An ba mu aikin rubutu kan hira da majinyacin da ya janye jikinsa daga mutane. Wanda aka haɗa ni da shi ko kallona ba ya yi. Me zan rubuta?

Shirun nasa za ki rubuta, da abin da kika yi a cikinsa. Malaminku so yake ya ga ko kin san dalilin kowace kalma da kika furta, ko da majinyacin bai buɗe baki ba. Tun 1952 masaniyar aikin jinya Hildegard Peplau ta bayyana cewa dangantakar nas da majinyaci mataki-mataki take tafiya, kuma matakin farko na sabo ne da samun yarda. Da mutumin da ya rufe kansa, wannan matakin kaɗai zai iya cin kwanaki.

Ki raba takardarki gida huɗu: abin da kika ce, abin da ya ce ko ya yi, abin da kika ji a ranki, sai nazarin dabarar da kika yi amfani da ita. Ki rubuta da zarar kin fito, kada a gabansa, kuma kada sunansa ya shiga ciki.

To yaya zaman kansa zai kasance?

A ce mutum ne mai ciwon damuwa mai tsanani, yana zaune a bakin gado, kansa a sunkuye. Ki ja kujera ki zauna ta gefensa, ba gaba da gaba ba, ki bar tazarar da ta ɗan fi tsawon hannu. Ki gaishe shi, ki faɗi sunanki, ki ce: "Malam, zan zauna tare da kai minti goma. Ba dole sai ka yi magana ba." Daga nan ki yi shiru.

A nan ɗalibai suka fi tuntuɓe. Ciwon damuwa yana rage saurin tunani da motsi, sai amsa ta daɗe kafin ta fito. In kika jefo tambaya ta biyu kafin ya gama haɗa amsar ta farko, kin rushe masa abin da yake ginawa. Ki ƙirga a zuci har talatin kafin ki sake magana. In za ki yi, ki faɗi abin da idonki ya gani: "Na ga ka buɗe taga yau." Wannan magana ba ta neman amsa, saboda haka ba ta matsa masa. In ya ce ƙasa-ƙasa, "Ba amfani," ki mayar masa da kalmarsa a hankali: "Ba amfani?" Sai ki jira.

Da minti goma ya cika ki tashi, ki ce za ki dawo ƙarfe huɗu, kuma ki dawo ƙarfe huɗun. A ganina cika wannan alkawari ya fi duk wata dabarar magana aiki. Gajeren zama akai-akai ya fi dogon zama guda.

Waɗanne maganganu zan guje wa?

"Me ya sa ba ka magana?" tana kama da tuhuma. "Kada ka damu, komai zai wuce" tana rufe ƙofa, don zai ji ba ki fahimci nauyin da yake ɗauke da shi ba. In irinsu suka suɓuce miki, ki rubuta su yadda kika faɗa, ki nuna illarsu da abin da ya kamata ki ce. Wannan gidan nazarin shi ne zuciyar aikin.

Ta yaya zan gane shirun ba na damuwa ba ne kawai?

Ki duba jikinsa. Fuska a daskare, rawar hannu, ƙagewar gaɓoɓi da dalalar miyau na iya zama illar maganin taɓin hankali irin halofaridol. Wanda ya sandare a yanayi ɗaya, ya daina ci da sha, ko wanda shirunsa ya zo farat ɗaya tare da ruɗewa da gyangyaɗi, likita yake buƙata nan take. Mai karkata kai kamar yana sauraron wani yana iya jin muryoyi. Wani kuma kunnensa ne ba ya ji sosai.

In ya furta cewa rayuwa ba ta da amfani, ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta saka masa tunanin. Kada ki yi alkawarin riƙe sirri a kan wannan. Ki sanar da babbar nas kafin ki bar ɗakin jinya, kuma kada a bar shi shi kaɗai.

Da me zan nuna an sami ci gaba?

Da abin da za a iya gani. Maimakon "ya saki jiki", ki rubuta cewa a zama na farko ya juya baya, a na uku ya ɗago kai sau biyu, a na biyar ya amsa gaisuwa da kalma ɗaya.