Kawo madogarar baitocin waƙa da wasan kwaikwayo a tsarin APA

A tsarin APA, na Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan Adam ta Amurka, lambar baiti ko ta kashi da fitowa ba ta shiga manazarta, wato jerin littattafan da ke ƙarshen aiki. Wurinta cikin rubutu ne, daidai inda aka yi kwafe. Manazarta tana ɗauke da littafin dungurungum, da bugun da aka duba. A kan wannan rabon aiki ɗaliban adabi kan yi tuntuɓe.

Tarihi

Tsarin ya samo asali daga wata maƙala mai shafi bakwai da ta fito a mujallar Psychological Bulletin a 1929. Masana halayyar ɗan Adam da na al'adun al'umma da manajojin kasuwanci ne suka tsara shi domin rahotannin bincike, ba da waƙa ko wasan kwaikwayo a ransu ba, shi ya sa har yau dokokinsa kan adabi ba su da yawa. Littafin ƙa'idojin ya fara fitowa a 1952. Bugu na shida, na 2009, ya ce manyan ayyukan dā, irin na Girka da Rum da littattafan addini, ba sai an sa su a manazarta ba, ambatonsu cikin rubutu ya wadatar. Bugu na bakwai, na 2019, ya soke wannan rangwame. A bugun ne kuma aka daina rubuta garin da aka buga littafi, don haka littafin kamfanin ɗab'i na NNPC ba ya bukatar “Zaria” a gaban sunan kamfanin.

Wasan kwaikwayo

Misalin da littafin ƙa'idojin ya kawo na Shakespeare ne. A manazarta:

```
Shakespeare, W. (1995). Much ado about nothing (B. A. Mowat & P. Werstine, Eds.). Washington Square Press. (Original work published 1623)
```

Sunan wasan yana zuwa da rubutun tsutsa. A cikin rubutu kuwa:

```
(Shakespeare, 1623/1995, 1.3.36–37)
```

Lambar farko kashi ce, ta biyu fitowa, na ƙarshe layuka: kashi na 1, fitowa ta 3, layi na 36 zuwa 37. Ba a sa `p.` a gabansu domin ba shafi ba ne. Shekara biyun kuwa, ta farko ta asalin aikin ce, ta biyu ta bugun da ke hannun mai nazari. An taɓa buga wasan shi kaɗai a 1600, amma misalin ya ɗauki 1623, shekarar babban kundin wasanninsa.

Hikimar lambobin ita ce mai riƙe da wani bugu daban ya iya gano wurin. Sai dai abin yana da iyaka. Fitowar da aka ambata zube ce, ba waƙa ba, kuma tsawon layin zube ya danganta ga faɗin shafi, saboda haka layi na 36 a wannan bugu yana iya zama wani a wancan. Dalilin da ya sa dole sunan editoci ya fito a manazarta ke nan. Wanda ya kwafi lambar layi daga intanet, ya kuma rubuta bugun da ya gani a laburare, asirinsa yakan tonu da zarar mai duba aiki ya ƙirga layukan.

Wasannin Hausa da aka buga, irin na Shu'aibu Maƙarfi, galibi an raba su kashi-kashi da fitowa-fitowa amma ba a lambata layukansu. A nan lambar shafi ake bayarwa, sai a faɗi kashi da fitowa cikin jimla. Bai halatta mai nazari ya ƙirga layuka da kansa ya ƙirƙiro lamba ba.

Waƙa

Waƙar da ke cikin kundin waƙoƙin mawaƙa da yawa ana shigar da ita kamar babin littafi: mawaƙi, shekara, sunan waƙa, edita, sunan kundi, shafukan da waƙar ta mamaye, sannan kamfanin ɗab'i. Idan diwanin mutum ɗaya ne, littafin kawai ake shigarwa. Ɗangayen da aka kwafa cikin jimla ana raba su da alamar `/`, kwafen da ya kai kalma 40 kuma a ware shi a shigar da shi ciki, ba tare da alamar zance ba.

Rubutacciyar waƙar Hausa da baiti ake ƙirga ta, mai ƙwar biyu ce ko mai ƙwar biyar. Inda bugun ya lambata baitoci, lambar baiti ta fi shafi amfani. Ko a rubuta kalmar “baiti” da Hausa ko da Turanci, wannan ya rage ga kowane sashe na jami'a.

Waƙar baka da aka ɗauka a faifai, minti da daƙiƙa ake bayarwa, kamar `4:15`.