Matatar Ruwa ta Gida: Abin da Kowace Iri ke Cirewa

Matatar ruwa ta gida na'ura ce ko mazubi da ake bi da ruwan sha ta cikinsa domin a rage abin da ya gurɓata shi. Suna ɗaya ake kiran su da shi, amma aikinsu ya sha bamban. Wata rairaya take yi kamar rariya, wata kama abu take yi ya manne a jikinta, wata kuma ba ta cire komai, kashe ƙwayoyin cuta kawai take yi. Babu wadda ke yin duka ita kaɗai. Shi ya sa zaɓen matata ke farawa da sanin abin da ke cikin ruwan, ba da duba kyan kwali ba.

Abin da ke yawo da abin da ya narke

Dattin ruwa kashi biyu ne. Akwai wanda ke yawo a ciki ba tare da ya narke ba, kamar laka, tsatsa da ƙwayoyin cuta. Akwai kuma wanda ya narke ya zama ɗaya da ruwan, yadda gishiri ke ɓacewa a kofi. Na farkon ana iya tare shi da ƙofofi ƙanana. Na biyun kuwa duk inda ruwa ya bi, shi ma nan zai bi.

Ana auna ƙofofin matata da maikuron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin silin gashin mutum ya kai maikuron 70 ko kusa da haka. Ƙwan ƙwayar da ke kawo atini ya kai maikuron 10 zuwa sama, don haka tare shi ba wuya. Bakteriya irin masu kawo kwalara da taifot kaurinsu bai wuce rabin maikuron zuwa ɗaya ba. Bairas, kamar mai kawo ciwon hanta nau'in A da mai sa yara zawo, ya fi su ƙanƙanta nesa ba kusa ba, tsakanin maikuron 0.02 da 0.1. Wanda ya riƙe waɗannan lambobi uku ya iya karanta rabin abin da aka rubuta a jikin kowace matata.

Abubuwan da suka narke su ne masu yaudara. Naitiret, fuloraid, arsenik da dalma ba sa canza wa ruwa launi, wari ko ɗanɗano a adadin da suke yin illa. Ruwa na iya fitowa garai-garai, mai sanyi da daɗin sha, alhali yana ɗauke da ɗaya daga cikinsu.

Masu rairaya

Matatar laka ita ce mafi sauƙi: farin curi na zare ko soson roba da aka rubuta wa maikuron 5 ko 20. Tana kama yashi, laka da tsatsa, ruwa ya washe. Iyakarta ke nan. Bakteriya na ratsa ta kamar sauro ya bi ta taga a buɗe. Amfaninta na gaske shi ne kare sauran matatun da ke bayanta kada su toshe da wuri.

Matatar yumɓu, ko mai siffar tukunya ko mai siffar kyandir, ƙofofinta sun fi ƙanƙanta, daga wajen maikuron 0.2 zuwa 1. Tana tare ƙwayayen atini da yawancin bakteriya, kuma sau da yawa ana shafa mata azurfa don kada ƙwayoyi su hayayyafa a jikinta. Ba a dogara da ita wajen bairas, kuma ba ta taɓa abin da ya narke. Mai siffar tukunya kan zubo lita 1 zuwa 3 a awa. Idan wata rana aka ga tana zubowa da sauri fiye da yadda ta saba, ba abin murna ba ne: galibi ta tsage, kuma tsaga mai sirantar gashi babbar hanya ce ga bakteriya.

Akwai kuma matatar tantani da ake rubuta wa UF, mai ƙofofin maikuron 0.01 zuwa 0.1. Tana tare bakteriya sosai, mai ƙananan ƙofofin har da wani kaso na bairas. Naitiret da gishiri kuwa wucewa suke yi abinsu.

Gawayi

Gawayin matata ba irin na murhu ba ne. An sarrafa shi da zafi da tururi har jikinsa ya cika da ramuka, abubuwa su riƙa mannewa a ciki. Shi ne ke cikin yawancin matatun buta da na bakin famfo. Gwani ne wajen cire kulorin, wari da ɗanɗano marar daɗi, yana kuma rage wasu magungunan feshi na gona. Amma bai iya naitiret ba, bai iya fuloraid ba, bai iya gishiri ba, kuma ba maganin ƙwayoyin cuta ba ne. Wasu da aka matse suka zama curi, aka haɗa su da wani sinadari, suna rage dalma, sai dai wannan sai an gan shi a rubuce a takardar gwajinsu.

A nan mutane suka fi ruɗuwa, domin gawayi ne ke gyara abin da harshe ke iya shaidawa. Ruwa ya yi daɗi, hankali ya kwanta. Gawayi kuma cika yake yi. Idan ramukansa suka cika sai ya daina kamawa, ruwa kuwa ya ci gaba da zuba kamar ba abin da ya faru. Tunda ya cire kulorin da ke hana ƙwayoyi yaɗuwa, tsohon gawayi da aka manta da shi kan koma gidan bakteriya. Dawowar warin kulorin alama ce ta ya gaji, amma abin bi shi ne adadin lita ko watannin da kamfanin ya rubuta.

Masu iya abin da ya narke

Matatar RO tana tura ruwa da ƙarfi ta cikin wani tantani mai matsewar da ruwa ke ratsawa, yawancin abin da ya narke a ciki kuma ya tsaya. Ita ce ta gida da ke rage naitiret, fuloraid, dalma da zartsi a lokaci ɗaya. Arsenik iri biyu ne a ruwa, tana cire ɗaya da kyau, ɗayan kuma sai an fara sauya shi da kulorin ko makamancinsa kafin ta kama shi sosai.

Tana da tsadar sha'ani. Tana bukatar matsin ruwa, wani lokaci har da ƙaramin famfon lantarki. Tana zubar da ruwa: tsofaffin samfura kan yar da lita 3 zuwa 4 kafin su ba da lita ɗaya ta sha. Kulorin na cinye tantaninta, laka na toshe shi, shi ya sa ake jera matatar laka da ta gawayi a gabanta. A ka'ida ƙwayoyin cuta ba sa ratsa tantanin, amma ƙaramar huda ko zoben roba da ya saki ya isa, don haka ba a ɗora mata alhakin kashe ƙwayoyi ita kaɗai.

Na'urar laushin ruwa daban take. Tana musanya sinadaran da ke hana sabulu kumfa da sa farin ɓawo a butar shayi, ta ba da sodiyam a madadinsu. Bututu da kayan wanki take ceta, ba ciki ba.

Fitilar UV

Wannan ba matata ba ce a haƙiƙa. Haske ne da ke lalata ƙwayoyin cuta, har da bairas, su kasa hayayyafa. Ba ya cire komai daga ruwan. Idan ruwan ya yi duhu, ƙwayoyin na fakewa a inuwar laka su wuce lafiya. Ƙarfin fitilar na raguwa tun tana ci, shi ya sa ake canza ta duk shekara ko da ido na ganin haskenta. Idan wuta ta ɗauke, ruwan da ya bi ta ciki ɗanye ne.

Misali: rijiya kusa da gona

A ɗauka wani gida na shan ruwan rijiya da ke kusa da gonar da ake zuba wa taki, ga kuma masai ba nisa. Akwai jariri ɗan wata uku da ake haɗa wa madarar gwangwani. An kai ruwan ɗakin gwaji, sakamako ya nuna naitiret miligiram 80 a lita, an ga bakteriyar E. coli, sannan ruwan na ɗan gurɓacewa bayan ruwan sama.

Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne naitiret kada ya wuce miligiram 50 a lita, E. coli kuma kada a same shi ko ɗaya a mililita 100. Ganin E. coli shaida ce cewa kashin mutum ko na dabba na isa rijiyar, kuma inda ya shiga bairas ma na iya shiga. Yawan naitiret kuwa jarirai 'yan ƙasa da wata shida ya fi yi wa illa, domin yana rage wa jininsu ikon ɗaukar iskar shaƙa har leɓɓansu su yi shuɗi.

Matsala uku ke nan, kowace da maganinta. Butar gawayi ba ta magance ko ɗaya. Yumɓu zai washe ruwan ya rage bakteriya, amma 80 ɗin nan na naitiret zai fito yadda ya shiga. Tafasawa za ta kashe ƙwayoyin, sai dai tururi ne ke tashi ya bar naitiret a tukunya: lita ɗaya da aka bari ta ƙone zuwa kashi uku cikin huɗu, naitiret ɗinta ya haura 100. Abin da ya dace shi ne jeri: matatar laka, sai RO da nata gawayin, sai fitilar UV a ƙarshe. Idan tantanin na cire kashi 80 cikin ɗari na naitiret, 80 ya koma 16. Ba dole a tace ruwan gidan gaba ɗaya ba, na sha da girki ya wadatar. Kafin a kafa na'urar, madarar jaririn sai da ruwan da aka samo daga wani wuri da aka tabbatar da shi.

Yadda ake gane tana aiki

Akwai ƙaramin ma'auni mai kama da biro da ake kira TDS, yana nuna jimillar abin da ya narke a ruwa. Ga mai RO yana da amfani. Idan ruwan shiga ya nuna 400, na fita ya nuna 30, tantanin na cire sama da kashi 90. Idan bayan wani lokaci na fita ya hau 120, ya sauko zuwa kashi 70, lokacin canji ya yi. Amma ma'aunin bai san bakteriya ba, kuma bai iya ganin dalma ko arsenik, waɗanda iyakarsu miligiram 0.01 ne kacal a lita. Mai talla da ya tsoma shi a kofi ya ce lamba ƙarama na nufin ruwa lafiyayye, ya faɗi abin da ma'aunin bai faɗa ba.

A jikin kwali kuma ana samun lambobin shaidar gwaji. NSF/ANSI 42 ta shafi abubuwa irin su ɗanɗano, wari da kulorin, ba lafiya ba. Lamba 53 ta abubuwan da suka shafi lafiya ce, 58 ta RO, 55 ta fitilar UV. Shaidar ba ta jimla ba ce, ana bayar da ita abu-abu. Matata na iya samun 53 saboda dalma kaɗai, ba a gwada ta kan arsenik ba. Sai a nemi takardar da ke cikin kwalin, a bi jerin sunayen da yatsa, a ga ko abin da ɗakin gwaji ya samu a ruwan yana ciki.