Slide Master a PowerPoint

Slide Master shi ne uwar shafukan gabatarwa a manhajar PowerPoint ta kamfanin Microsoft. A kansa ake ajiye nau'in rubutu, launuka, tambari da gurbin rubutun gindin shafi, sauran shafuka kuma su gāji duk abin da aka sa masa. Ana shiga ta View, sai Slide Master, a fita ta Close Master View. A gefen hagu akwai babban shafi ɗaya a can sama, shi ne uwar. Ƙananan da ke jere a ƙarƙashinsa su ne fasalai, irin su Title Slide, Title and Content, Two Content da Blank, kuma tun daga PowerPoint 2007 mutum na iya ƙera nasa fasalin. Gadon hawa uku ne: fasali yana ɗauka daga uwa, shafin da ake rubutu a kai yana ɗauka daga fasalinsa. Da an buɗe wurin, manhajar takan sauke mutum a kan fasalin shafin da yake aiki da shi, shi ya sa da yawa kan liƙa tambari a nan, su koma su tarar ya fito a wasu shafuka, wasu kuma wayam. Sai an haura sama an danna babban tukuna.

A ɗauki ƙungiyar manoman albasa a Sakkwato da za ta gabatar da rahoton shekara mai shafi 40. Shafin 16:9, wanda manhajar ke buɗewa da shi tun daga fitowar 2013, faɗinsa santimita 33.87 ne, tsayinsa 19.05. Sakatare zai danna uwar, ya shigo da tambari ta Insert, Pictures, ya mai da faɗinsa santimita 2.5, ya ajiye shi santimita 30.8 daga hagu. Sai dai gurbin kanun shafi a jigon Office, wato tsarin da manhajar ke zuwa da shi, yana kaiwa wajen santimita 31.5, don haka dogon kanu zai shige ƙarƙashin tambarin. Idan aka rage faɗin gurbin daga 29.21 zuwa 28, an raba su. Title and Content, Two Content da Title Only za su bi wannan gyara da kansu, amma Comparison yana da nasa wurin kanu, sai an gyara shi daban. In ba a son ƙaramin tambarin a shafin farko, sai a zaɓi fasalin Title Slide a sa alama a Hide Background Graphics. Tambarin da aka sa haka ba ya dannuwa a kan shafi, kuma da wannan ake gane aikin ya yi: wanda ya dannu ya motsa, da hannu aka liƙa shi.

Rubutun gindi shi ne ya fi ruɗa mutane, domin ba ya bin dokar tambari. Gurabe uku ne, na kwanan wata, na rubutu da na lambar shafi, kuma abin da uwar ke tsarawa shi ne wurinsu da kamanninsu. Ba za su bayyana ba sai an kunna su. Wanda ya rubuta sunan ƙungiya a gurbin uwar ya fito, ba zai gan shi a shafukan nan 40 ba. Hanyar ita ce Insert, Header & Footer, a sa alama a Slide number da Footer, a rubuta sunan, a ƙara Don't show on title slide in ana so, sannan a danna Apply to All. Apply shi kaɗai shafi ɗaya yake taɓawa. Idan an yi haka wani shafi ya ƙi nuna lamba, yawanci an goge gurbin ne daga fasalinsa. Alamar Footers tana mayar da shi a kan fasali, Master Layout kuma a kan uwar.

Gado yana yankewa a duk inda aka yi gyara da hannu. Kanun da wani ya ja gefe ko ya sauya masa launi ba zai ƙara bin uwar a wannan fanni ba, sai an zaɓi shafin an danna Reset a ƙarƙashin Home. Reset gurabe kawai ya sani, ba ruwansa da akwatin Text Box ko hoton da aka liƙa, waɗannan sai a bi su ɗaya bayan ɗaya a goge.

Sauran ɓarnar daga kwafe take zuwa. Ma'aji ya turo nasa shafuka biyar, aka liƙa su da Keep Source Formatting, sai su taho da uwarsu, fayil ya zama mai uwa biyu, tambarin ƙungiya bai hau baƙin ba. Use Destination Theme ke sa su bi tsarin gida. Girman shafi kuwa a yanke shi tun kafin a sa tambari, don sauyawa daga 16:9 zuwa 4:3 saboda tsohuwar na'urar haskawa kan matse hoton da ke kan uwar, zagayayyen tambari ya koma kamar ƙwai. In an gama, a adana fayil ɗin a matsayin PowerPoint Template mai ƙarshen .potx, rahoton baɗi ya fara daga kansa.