Waiwaye: Yadda Ake Auna Girman Kamfani da Cinikin Shekara a Nijar

Ma'aikatan banki da masu ba da kwangila a Yamai, idan ba su sami cikakken lissafin kamfani ba, sukan ƙiyasta girmansa daga rukunin da doka ta sa shi. Rukunan sun samo asali ne daga yarjejeniyar OHADA ta 1993, ta daidaita dokokin kasuwanci tsakanin wasu ƙasashen Afirka, wadda Nijar take ciki. Dokar lissafi ta shekarar 2000 ta kasa kamfanoni gida uku bisa cinikin shekara, wato jimillar abin da suka sayar kafin a cire ko sisi na kashewa. Da aka sake dokar a Brazzaville a 2017, sai aka soke rukunin tsakiya, aka kuma ɗaga iyakar ƙaramin rukuni, inda rubuta shigar kuɗi da fitarsu ya wadatar. Iyakar ta koma sefa miliyan 60 ga masu saye da sayarwa maimakon 30, miliyan 40 ga masu sana'ar hannu, miliyan 30 ga masu aikin hidima. Ke nan shago mai cinikin miliyan 45 ya sauka rukunin ƙanana daga 2018, lokacin da sabuwar dokar ta fara aiki, ba tare da ya rasa abokin ciniki ko ɗaya ba, kuma duk wanda ya kwatanta alƙaluman da da na yanzu bai lura da wannan ba zai yi tsammanin kasuwa ce ta ja baya.

Bambanta iyakar bisa sana'a ma shaida ce cewa ciniki kaɗai ba ya nuna girma. A ɗauki misalin ɗan kasuwa mai ɗora albasar Galmi zuwa Abijan, wanda cinikinsa ya kai miliyan 200 a shekara. Idan ribarsa kashi 4 cikin ɗari ce bayan kuɗin mota, kwastan da asarar ruɓewa, abin da ya rage masa miliyan 8 ne. Mutum uku kacal ya yi wa rajista a CNSS, asusun fansho da kariyar ma'aikata na ƙasa, amma da kakar albasa ƴan dako da masu ɗinkin buhu da dama ne ke cin abinci a hannunsa, ana sallamar su kullum da yamma, ba su cikin kowane littafi. Ta ma'aunin ciniki ya wuce ƙanana nesa, ta ma'aunin ma'aikata kuwa bai fi mai tebur ba. Makaranta mai zaman kanta da malamai 30 da kuɗin shiga miliyan 50 akasinsa ce.

A ganina dokar kamfanoni ta 2014 ta fi kusantar gaskiya, domin ba ta tilasta wa kamfanin SARL, wanda asarar masu shi ba ta wuce jarin da suka zuba, ɗaukar mai binciken lissafi sai ya cika biyu cikin sharuɗɗa uku: dukiya sama da miliyan 125, ciniki sama da miliyan 250, ko ma'aikatan dindindin fiye da 50. Duk da haka, wanda ya raba kasuwancinsa da sunayen ƴaƴansa don kada ya haura iyaka zai bayyana a takarda tamkar ƙananan shaguna uku. Ana gane shi ne idan aka ga sito ɗaya, mota ɗaya, da ciniki da yake tsayawa dab da iyaka kowace shekara.