Lafazin marubuci ko ma'anarsa: wanne zan kawo?

Malam, ina rubuta kundin kammala digiri. Yaushe zan ɗauko maganar marubuci yadda take, yaushe zan faɗe ta da bakina?

Ki cire kalma ɗaya daga maganar, ki sa 'yar'uwarta a gurbinta. Idan hujjarki tana nan daram, to ma'ana kike buƙata, sai ki faɗa da bakinki ki ambaci mai ita. Idan kuwa hujjar ta rushe, lafazin ne shaidarki, dole mai karatu ya gan shi da idonsa.

Malaman hadisi sun daɗe da tauna wannan. Ibn Sirin ya tsaya a kan lafazi, Hasanul Basri kuma ya yarda da ruwaya da ma'ana. Waɗanda suka halatta ma sun sa sharaɗi: sai wanda ya san harshen, ya san abin da ke sauya ma'ana. Shi ya sa har yau za ki ji mai wa'azi ya rufe hadisi da "au kama ƙala", wato yana gaya miki bai lamunci lafazin ba.

Ina son misalin inda 'yar gajeriyar magana ta fi dogon bayani.

A cikin Buhari da Muslim, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koya wa Barra'u ɗan Azib addu'ar kwanciya barci. Da Barra'u ya zo maimaitawa sai ya ce "wa bi rasulika", Annabi ya gyara masa, ya ce "wa bi nabiyyika". To a ce kina kafa hujja cewa lafuzzan zikiri ba a taɓa su. Idan kika rubuta "an gyara wa sahabin kuskurensa", mai karatu zai ɗauka babban kuskure ne ya yi. Sai ya ga kalmomin biyu gefe da gefe, duk suna nufin mutum ɗaya, amma aka ƙi musanya su, sannan zai gane nauyin abin. Sauran labarin kuwa, wa ya koya wa wa, a wane hali, duk da bakina na ba ki shi yanzu, kuma ba abin da ya ragu.

Ta yaya zan gane na ɓata maganar mutum?

Ki duba ƙananan kalmomi, a nan ɓarnar take, kuma abin yana damuna ƙwarai idan ina duba aikin ɗalibai. Marubuci ya ce "wasu", ɗalibi ya mayar "mutane". Ya ce "mai yiwuwa", a kundi ta zama "ya tabbatar". An ɗora wa bawan Allah abin da bai faɗa ba, da sunansa da lambar shafi. Ki rufe littafin ki rubuta abin da kika fahimta, sannan ki buɗe ki gwada su layi-layi. In kika ga jimlarsa ce kika sauya wa kalma biyu kawai, ki mayar da ita yadda take ki sa mata alamar zance.